Gida Na Uku

Alhaji Na'Allah yana da gidajen haya biyu a Illela, Alhaji Yari ma yana da biyu, wannan kunnen doki kuwa shi ya hana Na'Allah jin daɗin duniya. Ba yunwa ce ke damunsa ba, lafiyarsa ƙalau, 'ya'yansa sun girma. Damuwarsa tana majalisar da ke bayan rumfar 'yan canji, inda dattawan kasuwa ke zama bayan la'asar suna shan shayi suna cin naman mutane. A majalisar nan ba a kiran mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa sai da abin da ya mallaka. Akwai Mai Tirela, akwai Mai Raƙuma, akwai Mai Gidan Mai. Da an ce Mai Gida Biyu kuwa, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Wane cikinsu?" Wannan tambaya ta fi zagi ciwo a kunnen Na'Allah. Tare suka tashi da Yari a unguwa ɗaya, tare suka fara tsallaka kaya zuwa Ƙonni ta Nijar a kan babur, kuma tun a wancan lokaci bai taɓa yarda cewa Yari sa'ansa ne ba.

To, a bana sai Allah ya buɗa masa. Albasar da ya tara a rumbu a ƙauyen Araba ta kai lokacin tsada ba ta ruɓe ba, ya sayar, ya tashi da naira miliyan goma cif waɗanda ba na kowa ba. Kuɗin ba su gama zama a banki ba labarinsu ya gama gari.

Wanda ya fara zuwa shi ne Halliru fatoma. Sana'ar Halliru saukar baƙi. Fataken shanu da raguna da ke gangarowa daga Nijar don cin kasuwar kara ta ranar Lahadi, wajensa suke sauka. Shi ke ba su ɗaki da abinci, ya tsaya musu a ciniki, ya ɗauki la'adarsa. Shi ya kama babban gidan Na'Allah gaba ɗaya, ɗakuna goma, yana biyan kuɗin shekara a dunƙule ba a taɓa bin sa ba. Duk mai gidan haya a garin yana addu'ar Allah ya ba shi ɗan haya irin Halliru, sai Na'Allah kaɗai da ya ɗauka cewa ai dama haƙƙinsa ne.

Halliru ya tuɓe takalma ya zauna a gefen tabarma, aka gaisa har aka tambayi kaji. Sannan ya ce, "Alhaji, maganar gidanga ta kawo ni. Baƙina sun hwara ƙorahi."

"Mi sunka rasa?"

"Ruwa, Alhaji. Masai guda ga mutum talatin, da asuba sai layi kamar na asibiti. Kwanon ɗakunan gabas shina yoyo. Ga zahi na tahe, babu wuta balle hwanka. Mutanenga sefa ag garesu, naira ba ta yi musu nauyi yanzu. In ka gina burtsatse da tanki, ka ƙara bayi, ka sa sola, ka canza kwano, ni zan ninka maka kuɗin ɗaki. Ƙaramin gidan ma in kama shi duka."

Na'Allah ya shafa gemu ya ce Bugajen nan makiyaya da suka saba kwana a gindin ƙaya yanzu su ne ke neman fanka, lallai duniya ta zo ƙarshe. Halliru ya yi dariyar da ake yi wa mai gida, ya ce shi dai ya faɗa, shekararsa za ta cika gab da Babbar Sallah, Alhaji ya yi tunani.

Na biyu shi ne Sufyanu dillali, mutumin da bai taɓa ganin kango ba tare da ya kira shi fada ba. Ya zo yana rage murya kamar mai kawo labarin mutuwa. Alhaji Yari, in ji shi, zai sayar da ɗaya daga cikin gidajensa, ƙaramin, mai ɗaki takwas da ke can hanyar Darna. Miliyan tara da rabi yake nema.

Na'Allah ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya. Bai tambayi ko katangar ƙasa ce ko ta siminti ba, bai tambayi mutum nawa ke ciki ba. Lissafi ɗaya ya yi, shi ma na yara ne: idan ya saya, shi uku, Yari ɗaya.

"Mi yas same shi?" ya tambaya, yana ƙoƙarin sa fuskarsa ta yi tausayi.

"Allah masani, Alhaji. Amma ka san mutum ba shi saida gida don daɗi."

A ranar Na'Allah ya ci tuwo malmala uku.

Akwai dai mutum ɗaya da dole ya ji ta bakinta, Hajiya Tasalla, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Babban gidan gado ne, kashi ɗaya cikin uku nata ne. Tasalla ta tsufa a fataucin atamfa tsakanin Illela da Ƙonni, ta san hanyar da kowane kwabo ke shiga da wadda yake fita, kuma ita ta goya Na'Allah, don haka babbar rigarsa ba ta ba ta tsoro. Ya same ta a tsakar gida tana ninke turame, ya ba ta labarin Halliru a taƙaice, na Sufyanu kuwa da tsawo.

Ta ce, "Nawa kake karɓa ga ɗaki?"

"Dubu hamsin a shekara, Yaya, ke ma kin sani."

"To gidan Yari ɗaki takwas. In ya cika maƙil, kowa ya biya, babu wanda ya gudu da dare, dubu ɗari huɗu ke nan. Kuɗinka duka sun tahi, har da la'adar wancan maƙaryacin. Gyaran da Halliru ka so nawa zai ci?"

"An ce kamar miliyan bakwai."

"Yanzu ɗaki goma sha huɗu ka biyanka, biyu na ƙaramin gida sun shekara ba kowa sai ɓeraye. In ka gyara, sha shida za su biya, kowane dubu ɗari. Ƙarin dubu ɗari tara ke nan, ga sauran kuɗi hannunka, ga ruwan da za ka saida ma 'yan ga-ruwa. Mi an na tunani a nan?"

Na'Allah ba wawa ba ne, gara a faɗi gaskiya. Yana da amsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. Ya ce famfo yana lalacewa, batirin sola yana mutuwa, fenti yana koɗewa, amma fili a Illela kullum tsada yake ƙarawa. Ya ce in ya zuba kuɗinsa don mutum ɗaya, ran da aka sake rufe iyaka, ko Halliru ya mutu, wa zai biya dubu ɗari a ɗaki?

Tasalla ta ce ya cire dubu ɗari biyu duk shekara don famfo da batir, har yanzu gyaran ne a gaba. Ta ce in an rufe iyaka, ɗakin da ke da ruwa shi zai riga samun mutum, ba wanda ke yoyo ba. Ta ce tsadar fili ba a cefane da ita sai ran da aka sayar, shi kuwa ta san gara ya mutu da ya sayar. Sannan ta ajiye turmin da ke hannunta ta dube shi.

"Kai dai hwaɗi gaskiya. Wa zai zo shi yi maka barka da masai?"

Ta taɓa inda ke ciwo. Abin da ke ransa ke nan tun farko. Burtsatse rami ne, masai rami ne, duk a cikin ƙasa suke. Ba a yanka rago don an canza kwano, ba a shiga majalisa a ce ga Mai Bayi Huɗu ya iso. Gida kuwa ƙofa gare shi a bakin titi, kowa ya wuce ya gani. Ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce kuɗin albasa nasa ne ba na gado ba. Tasalla ta ce ƙwarai kuwa, ta ci gaba da ninke kayanta.

An yi cinikin a zauren Yari, gaban shaidu da mai unguwa. Yari ya sa wata tsohuwar riga, ya zauna yana jan carbi kansa a ƙasa, kamar wanda aka zo yi wa gaisuwa. Ganin haka ya sa zuciyar Na'Allah ta yi fari tas. Da aka zo sa hannu, mai unguwa, wanda ya san aikinsa, ya tsayar da su. Ya ce biyar daga cikin 'yan hayar gidan sun riga sun biya Yari kuɗin shekara, bisa ƙa'ida sai a cire abin da ya rage na watanninsu daga kuɗin gida. Sauran ɗakuna ukun kuwa dangin matar Yari ne a ciki, ba su taɓa biya ba, ya kamata a yanke musu ranar tashi tun yanzu.

Nan fa girman kai ya samu fili. Na'Allah ya ɗaga hannu ya ce, da ƙarfi yadda na waje za su ji, "A bar mishi. Mutum na cikin hali, ba ni ƙara mishi wani. Dangin iyalinai kuma su zauna har su samu wuri."

Aka yi ta Allah ya saka da alheri. Yari ya ɗago ya ce, "Na gode, ɗan'uwa," ya mai da kansa ƙasa. Wasu daga cikin shaidun sun ce sun ga kafaɗarsa tana rawa, suka ɗauka kuka ne.

Da la'asar Na'Allah ya isa majalisa cikin sabuwar shadda. Tun daga nesa Mai Raƙuma ya ɗaga murya ya ce, "Mai Gida Uku." Babu wanda ya ce wane. Na'Allah ya biya wa kowa shayi da tsire. A gaskiya ya ji daɗi, irin daɗin da bai ji ba ko ranar da ya dawo daga Makka, kuma ba zan hana shi wannan ba, domin da kuɗinsa ya saya.

Bayan 'yan makonni sai aka ga motar haƙar burtsatse ta tsaya a ƙofar gidan da ya rage wa Yari, babban, mai ɗaki goma sha huɗu, wanda ke kallon kara. Na'Allah ya ji ƙarar injin daga shagonsa, ya ce mutum ya sayar da gida yana zuba kuɗin a rami, talauci dai ba ya zuwa shi kaɗai. Aka samu ruwa. Aka kafa ƙarafa dogaye aka ɗora tankuna biyu baƙaƙe a sama. Magina suka shiga, aka jera bayi da wurin wanka a bayan gida, aka ɗaye tsohon kwano, aka shimfiɗa faifan sola a kan sabo. A jikin katanga ta waje aka fito da kawunan famfo, 'yan ga-ruwa suka fara jera kurarsu tun da safe.

A nasa ɓangaren, sabon gidan ya fara nuna halinsa. Katangar baya ta ƙasa ce da aka shafe da siminti, ta buɗe baki. 'Yan haya biyar ɗin suna gaishe shi da ladabi, sun san ba ya bin su komai sai baɗi. Dangin matar Yari kuwa sun ji an ce su zauna har su samu wuri, don haka ba su ga dalilin neman wuri ba. Ɗaya ma ya aiko a gaya wa Alhaji ƙofarsa ba ta rufuwa. Abin da ya rage na kuɗin albasa bayan la'adar Sufyanu da takardu da tsiren majalisa bai kai na buhunan simintin da katangar ke nema ba.

Da zafi ya tsananta, Halliru ya sake zuwa. Ya tuɓe takalma, aka gaisa, wannan karon ba a kai ga kaji ba.

"Alhaji, na zo sallama. In shekarata ta cika zan tashi."

"Ina za ka?"

"Gidan Alhaji Yari."

Na'Allah ya ji kamar an zare masa tabarma. Ya ce shekara nawa suna tare, ashe babu amana a duniya. Ya ce zai rage masa dubu biyar a ɗaki. Ya ƙara ya ce goma.

"Ba ragi nike nema ba, Alhaji, ƙari na zo in yi maka tun hwarko. Kai na hwara kawo ma maganar. Baƙina ukku sun koma wajen wani hwatoma saboda ruwa, in na ƙara shekara a nan sai in rasa sana'a."

"Yaushe kunka yi magana da Yari?"

Halliru ya dubi yatsun ƙafarsa. "Da na ga ka yi shiru, na je mishi da ita. Yac ce shina so amma ba shi da kuɗin aiki, sai in ya samu mai sayen ƙaramin gidanai. Yac ce kuma ya san wanda zai saye ko nawa na."

Bayan tafiyarsa Na'Allah ya daɗe a zaune. Ya tuna tsohuwar rigar, ya tuna carbin, ya tuna kafaɗar da ke rawa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba a iya gaya wa ko matar aure. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu wanda zai kai ƙara: ba a yi masa ƙarya ko ɗaya ba, ɗaki takwas aka ce, ɗaki takwas ya samu, rangwamen ma shi ya yi da bakinsa a gaban shaidu.

Tasalla ba ta ce ai na gaya maka ba, ta fi ƙarfin wannan. Aikowa kawai ta yi a tambaye shi, cikin ladabi, wa zai biya ta kashinta na babban gida bana, shi ko ɓeraye.

Makon layya garin ya cika ya batse. Motocin raguna suna ta shigowa, fatake suna neman wurin kwana da sefa a aljihu. Gidan Yari ya cika har ana shimfiɗa a zaure, da magariba fitilunsa su haska titi. Babban gidan Na'Allah ya samu mutum uku, 'yan kabu-kabu, masu biyan wata-wata idan an kama su. Sufyanu, wanda ba ya rasa shawara, ya kawo wani bafatake da ke son ya ɗaure ragunansa a tsakar gidan na mako guda. Na'Allah ya zagi Sufyanu, ya kore shi, da yamma ya aika a kira shi. Ragunan suka shiga, kuma su dai ba su yi ƙorafin masai ba.

A majalisa ba a ƙwace masa sunansa ba. Mai Gida Uku yake, babu mai musu. Sai dai mutanen Illela ba sa barin labari mai daɗi ya lalace a banza. Kowa ya san kuɗin wa ya haƙa burtsatsen nan, don haka tun ana faɗa a ɓoye har ya zama sunan wurin. Mata su aiki a ɗebo musu ruwa a Tankin Na'Allah. Mai babur ya tambayi fasinja, gaban Tankin Na'Allah ko bayansa. Har baƙin Ƙonni da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sun iya sunan. Mutumin da ya so a san shi a gari, an san shi har ƙetaren iyaka.

Ana jajibirin sallah ya leƙa babban gidan don ya ga ɓarnar da ragunan suka yi wa daɓe. Azahar ta same shi a can, ya ɗauki buta, randa babu ko ɗigo. Ya fito ƙofa ya tsayar da wani dattijo ɗan ga-ruwa, Maccido, wanda ya daɗe yana kawo ruwa unguwar, yana turo kura cike da jarkoki. Maccido ya sauke ɗaya ya juye masa a randa. Ruwan fari tas, da sanyinsa.

Na'Allah ya san amsar, amma bakinsa ya riga shi. "Na ina na?"

"Na tankinka, Alhaji." Maccido ya goge gumi da gefen rawani. "Ɗari da hamsin."

"Jarka guda? Da ba ɗari ba ce?"

"Sallah ta, Alhaji, layi har bakin kara. Ni ma na roƙa maka ragi wajen mai tsaron hwamhon, nac ce na gidanka na. Yac ce Alhaji Yari ya bar sallahu, ko mai sunan ya zo da kainai, shi biya."

Na'Allah ya dube shi, ya dubi ragunan da suka jiyo ƙamshin ruwa suka fara jan igiya. Daga masallacin unguwa an riga an tayar da iƙama. Ya sa hannu a aljihun shaddar nan tasa, ya zaro kuɗin ya miƙa, ya tsuguna a ƙofar gidansa ya fara alwala.